Jinsin Suna a Rashanci da Wahalarsa ga Mai Fassara zuwa Hausa

1. Gabatarwa

Tukur-Tukur ta Zariya sananniya ce ga duk wanda ya san tarihin rubutun boko. A nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa tun 1939, ya kuma gaji aikin da Hukumar Fassara da Hukumar Talifi suka faro. Ma'aikatan wannan gida, irin su Malam Abubakar Imam, daga Turanci da Larabci suka fi juyo magana zuwa Hausa. Harsunan nan biyu kuwa kowanne da irin sauƙinsa wajen jinsi. Turanci ba ya raba kayan duniya zuwa namiji da mace, saboda haka ba shi da jinsin da zai ɗora wa mai fassara. Larabci yana rabawa gida biyu kamar Hausa, kuma malamai sun san ƙa'idarsa tun suna zaure.

Rashanci ya shigo wannan fage daga baya. A shekarun 1960 Rediyon Mosko yana watsa shirye-shirye da Hausa, a 1963 aka buga ƙamus na Hausa zuwa Rashanci a Mosko a ƙarƙashin jagorancin Olderogge, a 1967 kuma na Laptuhin ya fito, na Rashanci zuwa Hausa. Ɗalibai da dama daga Nijeriya sun yi karatun likita da injiniya a Tarayyar Sobiyet, suka komo da takardu masu bukatar fassara. To, harshen nan ya zo da wata wahala wadda magabata na Tukur-Tukur ba su gamu da ita ba. Yana da jinsi kamar Hausa, har ma ƙa'idarsa ta yi kama da ta Hausa a ido, amma wuraren da yake bayyana jinsi da wuraren da yake ɓoye shi dabam suke da na Hausa.

A 1959 Roman Jakobson ya nuna cewa bambancin harsuna yana ga abin da kowanne ya wajabta wa mai magana ya faɗa, domin abin da za a iya faɗa da wani harshe ana iya faɗarsa da kowanne. Hausa ta wajabta wa mai magana ya ce ya zo ko ta zo, ne ko ce, babban ko babbar. Ba a gina jimla a kan mutum guda sai an zaɓa. Wannan takarda za ta duba wurare biyu inda zaɓin ya fi wuya: sunayen da suka ƙare da alamar taushi, da sunayen sana'o'in da ba su da siffar mace.

An rubuta kalmomin Rashanci da baƙaƙen Hausa, harafi bisa harafi. Watau c kamar ta ciki, sh kamar ta shiga, j kuwa tana wakiltar wani sauti mai kusa da j ta Hausar Yamma. An bar v da p domin Hausa ba ta da madadinsu. Duk inda aka ga alamar hamza cikin kalmar Rashanci, to, alamar taushi ake nufi.

2. Jinsi uku da kamanninsu da na Hausa

Jinsin suna a Rashanci uku ne: namiji, da mace, da na tsaka-tsaki. Galibi ƙarshen kalma yake nuna shi. Sunan da ya ƙare da baƙi namiji ne, kamar dom, gida, da stol, tebur. Wanda ya ƙare da a ko ya mace ne, kamar kniga, littafi, da zemlya, ƙasa. Wanda ya ƙare da o ko e na tsaka-tsaki ne, kamar okno, taga, da more, teku. Akwai 'yan togaciya. Sunayen maza irin su papa, baba, da dyadya, kawu, sun ƙare da a amma maza ne, kamar yadda zakara yake a Hausa. Sa'an nan akwai sunaye goma masu ƙarewa da mya, irin su imya, suna, da vremya, lokaci, waɗanda na tsaka-tsaki ne.

Bahaushe da ya ji cewa a alamar mace ce sai ya ga kamar ya zo gida, gama haka take a harshensa in an cire irin su gida da ruwa da nama da wata. Amma daidaituwar ƙa'ida ba ta sa kalmomi su daidaita. Kniga mace ce, littafi namiji. Voda mace ce, ruwa namiji. Solntse na tsaka-tsaki ne, rana kuwa mace. Luna mace ce, alhali wata a wurin Hausawa namiji ne har da matarsa, Zara. Muddin dai a kan kaya marasa rai ake magana, hukuncin mai sauƙi ne: a jefar da jinsin Rashanci, a bi na Hausa.

Sai dai wani lokaci jinsin yakan shiga cikin ma'ana. Jakobson ya ambaci wani camfi na Rashawa, cewa in wuƙa ta faɗi daga tebur baƙo namiji yana tafe, in kuwa cokali mai yatsu ne, baƙuwa ce. Tushen camfin nahawu ne, domin noj, wuƙa, namiji ne, vilka kuma mace. A Hausa abin ya juye, wuƙa ce mace, cokali namiji. In wani a cikin labari ya ga wuƙa ta faɗi ya ce wani yana zuwa, Barashe ya gane dalili nan take, Bahaushe kuwa ba zai gane ba sai mai fassara ya ƙara masa 'yar kalma, ya ce baƙo namiji, a bisa camfinsu.

3. Sunaye masu ƙarewa da alamar taushi

Alamar taushi harafi ce da ake rubutawa ь. Ba ta da sautin kanta. Aikinta ta nuna cewa baƙin da ya gabace ta ana furta shi da tsakiyar harshe ta ɗaga zuwa ganɗa, kusa da bambancin da Bahaushe yake ji tsakanin gara da gyara. Bambancin yana sauya ma'ana: ugol kusurwa ce, ugol' kuwa gawayi.

A nan ne ƙa'idar duban ƙarshen kalma take karyewa, domin sunan da ya ƙare da wannan alama yana iya zama namiji, yana iya zama mace, kuma ba abin da ido zai gani ya raba su. Den', yini, namiji ne, noc', dare, mace ce. Slovar', ƙamus, namiji ne, tetrad', littafin rubutu, mace ce. Dojd', ruwan sama, namiji ne, dver', ƙofa, mace ce.

Mai karatu yana iya tambaya, tun da an ce jinsin kaya marasa rai jefar da shi ake yi, ina amfanin saninsa? Amfaninsa shi ne da shi Rashanci yake ɗaure wakilin suna ga sunansa. Ga misali:

Na stole lejali slovar' i tetrad'. On vzyal yeyo.

Jimla ta farko ta ce ƙamus da littafin rubutu suna kan tebur. Ta biyu, kalma bisa kalma, ta ce ya ɗauke ta. Barashe ba ya shakkar abin da aka ɗauka, gama tetrad' ce kaɗai mace a cikin biyun. Da ƙamus ne da an ce yego. Mai fassara yana iya faɗawa ɗayan ramuka biyu. In ya rubuta ya ɗauke ta, mai karatu zai shiga neman wata mace wadda babu ita a labarin. In ya gyara ya ce ya ɗauke shi, ya yi Hausa mai kyau amma ya zubar da labarin, domin ƙamus da littafi duka maza ne. Mafita ita ce a maimaita sunan: sai ya ɗauki littafin rubutun. Wanda bai san jinsin kalmomin biyu ba kuwa, ba shi da hanyar sanin wanne zai maimaita.

Akwai alamu da suke rage wahalar. Ta farko, in alamar taushi ta biyo bayan c ko sh ko j, sunan mace ne, kamar noc' da mish', ɓera, da doc', 'ya. Sunan namiji mai ƙarewa da waɗannan baƙaƙe ba a rubuta masa alamar, kamar noj da klyuc, mabuɗi. A wannan wuri alamar ba ta sauya furuci ko kaɗan, jinsi kawai take nunawa. Ta biyu, sunayen halaye masu ɗafin ost' mata ne, kamar molodost', ƙuruciya, da radost', farin ciki. Gost', baƙo, ba ya cikinsu, gama ost' ɗinsa na asalin kalma ne, kuma namiji ne. Ta uku, sunan mai aikata wani abu wanda aka gina da ɗafin tel' namiji ne, kamar ucitel', malami, da pisatel', marubuci. Postel', shimfiɗa, mace ce, domin ba mai aiki take nufi ba. Ta huɗu, sunayen watanni masu wannan alama, irin su yanvar' da oktyabr', duk maza ne.

Abin da ya rage bayan waɗannan sai a haddace shi ko a nemi shaida cikin rubutun. Shaidar tana samuwa ta hanyar sifa, domin ana cewa noviy slovar', sabon ƙamus, amma novaya tetrad'. Tana samuwa kuma a siffar mallaka, inda namiji yake ɗaukar ya, mace ta ɗauki i: den' ya koma dnya, noc' ta koma noci. Kalma guda ce sananniya da take yaudara a nan, watau put', hanya, wadda namiji ce amma mallakarta puti. In duk wannan ya gagara, ƙamus yana sa harafi ɗaya a gefen kowane suna mai nuna jinsinsa.

4. Doki ko goɗiya

Wahalar takan ƙaru in sunan na mai rai ne. Kalmar da Rashawa suka fi amfani da ita ga doki ita ce loshad', kuma mace ce a nahawu. Tana ɗaukar wakilin suna ona, watau ita, ko da dabbar ingarma ce. Akwai kuma kon', namiji, wanda aka fi ji a zancen yaƙi da sukuwa. In ana so a fayyace, goɗiya ita ce kobila, ingarma jerebets, dandaƙaƙƙen doki kuma merin. Hausa ta bi ɗaya hanyar, ta ɗauki namijin, doki, ta mai da shi sunan jinsin dabbar gaba ɗaya. Saboda haka fassarar loshad' ta yau da kullum doki ce, kuma wanda ya ga ona ya rubuta goɗiya ya faɗi abin da marubucin bai faɗa ba.

Labarai biyu da aka buga a 1886 sun nuna cewa ba a yanke hukuncin sai an karanta har ƙarshe. Na farko shi ne Holstomer na Tolstoy. A ƙarƙashin sunan labarin an bayyana cewa tarihin wani loshad' ne. Amma dabbar merin ce, kuma dandaƙewar da aka yi masa tana cikin manyan abubuwan da suka juya rayuwarsa. Sa'ad da yake ba sauran dawaki labarinsa da bakinsa, da siffar namiji aikatau yake fitowa. Wanda ya fassara kan labarin da tarihin wata goɗiya ya rushe shi tun daga shafin farko.

Na biyu shi ne Toska na Cehov. Wani tsoho mai keken doki, Iona, ɗansa ya rasu cikin makon, yana ta neman wanda zai saurare shi cikin fasinjojinsa, bai samu ba. A farkon labarin ana kiran dabbarsa da wata siffar ƙanƙantarwa ta loshad', wadda ba ta tabbatar da kome. Sai can a ƙarshe, a barga, tsohon ya kira ta da kalmar da aka samo daga kobila, ya ce mata ta ƙaddara tana da ɗa, ita ce uwarsa, ɗan ya mutu, ashe ba za ta ji ciwo ba? A nan goɗiya ce tabbas, kuma dukan nauyin labarin yana kan kasancewarta mai iya zama uwa. Barashe yana karanta ona tun daga farko ba tare da ya tsaya ba, sai a ƙarshe kalmar ta cika da ma'ana. Bahaushe ba shi da wannan dama. In ya fara da doki, ya yi ta cewa ya tsaya, ya ja, sa'an nan a shafin ƙarshe dokin ya rikiɗe ya zama uwa, mai karatu zai ɗauka kuskure ne. Dole ya sa goɗiya tun daga layin farko.

Kalma ɗaya ke nan ta ba da fassara biyu masu saɓani cikin shekara guda, kuma labarin ne ya raba gardamar. Haka abin yake ga mish' a tatsuniyoyi, inda ɓera yake fitowa a matsayin mace, da sobaka, kare, wadda ita ma mace ce a nahawu.

5. Sana'o'in da ba su da siffar mace

Wasu sana'o'i suna da siffa biyu a Rashanci, kuma Hausa tana da takwarorinsu. Ucitel' da ucitel'nitsa su ne malami da malama, student da studentka ɗalibi da ɗaliba, pisatel' da pisatel'nitsa marubuci da marubuciya. Waɗannan ba su da wuya, in ban da cewa a takardun hukuma akan kira malama ma ucitel'.

Amma manyan muƙamai da sana'o'in ilimi da yawa siffar namiji kaɗai suke da ita a daidaitaccen harshe: vrac, likita, hirurg, likitan tiyata, injener, professor, direktor, ministr, advokat, lauya, kosmonavt, ɗan sama jannati. Har sud'ya, alƙali, wanda ya ƙare da ya, namiji ne a nahawu. Sa'ad da waɗannan kalmomi suka zauna cikin harshen, maza ne suke riƙe da ayyukan. Bayan juyin 1917 mata suka shiga cikinsu da yawa, har ya zamana mafi yawan likitocin Tarayyar Sobiyet mata ne, amma kalmomin ba su sauya ba. Yekaterina Furtseva, wadda ta riƙe ma'aikatar al'adu daga 1960 zuwa 1974, ministr ake ce mata. Valentina Tereshkova, wadda ta kewaya duniya a 1963, kosmonavt ce. A Hausa ba makawa sai a ce Ministar Al'adu, a ce 'yar sama jannati.

Abin da ya sauya shi ne aikatau. Aikatau na Rashanci yana nuna jinsi a shuɗaɗɗen lokaci kaɗai: on skazal, ya ce, ona skazala, ta ce. Sai mutane suka fara haɗa sunan namiji da aikatau na mace, suna cewa vrac skazala, watau likita ta ce. Binciken da aka buga a 1968 a ƙarƙashin jagorancin Panov, a kan harshen Rashanci da jama'ar Sobiyet, ya nuna yadda wannan yake yaɗuwa, kuma yanzu karɓaɓɓe ne. Sifa kuwa ba ta bi sawu sosai ba. Ana cewa Ivanova horoshiy vrac, da sifa ta namiji, ana nufin Ivanova likita ce ta ƙwarai. Akan ji novaya vrac a bakin mutane, amma da zarar sunan ya sauya ƙarshe saboda matsayinsa a jimla sai a koma ga namiji, a ce k novomu vracu, zuwa wurin sabon likita, ko da mace ce. Saboda haka sifar namiji a gaban irin wannan suna ba shaida ba ce ko kaɗan.

Akwai siffofin mace da ake ji a kasuwa da gida, kuma su ma tarko ne. Vraciha da direktorsha suna ɗauke da raini ko wasa, don haka in marubuci ya sa su a bakin wani, fassarar tana bukatar ta ɗauko rainin, a ce wata likita can, ko matar nan wai darakta. A rubuce-rubucen ƙarni na 19, ɗafin sha yakan nuna matar mai muƙami, general'sha matar janar ce, ba ta taɓa jan runduna ba. Mashinist direban jirgin ƙasa ne, mashinistka kuwa mai buga tafireta. Wasu ma da gangan suke ƙin siffar mace. Anna Ahmatova da Marina Tsvetayeva duka sun fi son a kira su poet a kan poetessa, domin suna ganin ta biyun tana rage daraja.

Hausa tana da sa'a guda a nan. Yawancin sunayen nan aro ne daga Turanci, kuma sun shigo da a a ƙarshe: likita, lauya, minista, darakta, farfesa, injiniya. Kowannensu yana hawa kan namiji da mace ba tare da ya sauya ba. Amma sa'ar ba ta da nisa, gama kalmar da ke biye tana tona asiri: likitan asibiti ko likitar asibiti, lauya ne ko lauya ce. Wasu kuma suna da nasu cikas. Macen sakatare sakatariya ce, amma sakatariya har wa yau sunan ginin ofisoshi ne, saboda haka wajibi ne a gina jimlar yadda ba za ta rikita ba. Ga alƙali mace kuwa, mai shari'a ta fi sauƙi a kunne.

6. Misali da aka bi daki-daki

Ga wasu jimloli uku da aka tsara irin na takardar asibiti:

Glavniy vrac A. N. Kovalenko rabotayet v bol'nitse dvadtsat' let. Eto opitniy hirurg. Vcera Kovalenko osmotrela bol'nogo i napisala zaklyuceniye.

Mai gaggawa zai ga glavniy da opitniy, sifofi biyu na namiji, ya fara da babban likita ya yi shekara ashirin. Mai lura kuwa zai bi shaidu ɗaya bayan ɗaya.

Shaida ta farko sunan dangi ne. Da an ce Ivanov ko Ivanova, Pushkin ko Pushkina, da magana ta ƙare, domin irin waɗannan sunaye suna da siffar mace. Amma sunaye masu ƙarewa da ko, waɗanda asalinsu daga Yukiren ne, ba sa sauyawa. Shaida ta biyu sunan uba ne, wanda yake ƙarewa da ovic ko yevic ga namiji, ovna ko yevna ga mace, kamar Nikolayevic da Nikolayevna. A nan an taƙaita shi zuwa harafi guda, kamar yadda aka saba a takardun hukuma. Ta uku aikatau ne. Rabotayet na lokaci mai ci ne, yana aiki da tana aiki duka haka ake faɗarsu. Jimla ta biyu ba ta da aikatau sam. Sai a jimla ta uku aka sami osmotrela da napisala, masu la ta mace. Fassarar ke nan:

Babbar likita A. N. Kovalenko ta yi shekara ashirin tana aiki a asibitin. Ƙwararriyar likitar tiyata ce. Jiya ta duba majinyacin, ta rubuta rahoto.

In aka ƙidaya, Hausa ta nuna jinsin likitar sau 8: babbar, ta yi, tana, ƙwararriyar, likitar, ce, ta duba, ta rubuta. Rashanci ya nuna shi sau 2 kacal, kuma 6 daga cikin na Hausa sun riga shaidar zuwa. Majinyacin kuwa namiji ne, domin an ce bol'nogo. Da mace ce da an ce bol'nuyu. Alamar da ake gane fassarar da aka yi cikin gaggawa ita ce mutum guda ya fara da ya, ya ƙare da ta.

Akwai shaida ta huɗu mai amfani ga sunayen dangi masu ƙarewa da baƙi, irin su Shmidt. Na namiji yana sauya ƙarshe, na mace ba ya sauyawa. K doktoru Shmidtu zuwa wurin likita namiji ne, k doktoru Shmidt kuwa zuwa wurin mace.

To, in an cire jimla ta uku fa? A nan takardar ba ta faɗi jinsi ba, kuma bai kamata mai fassara ya ƙaga shi ba, musamman a takardar shaida ko ta kotu. In ana iya tambayar mai takardar, a tambaya. In ba hali, Hausa tana da 'yan dabaru. Ana iya amfani da an, a ce an duba majinyacin a hannun likita Kovalenko. Ana iya amfani da mai, wanda ba shi da jinsi, a jera bayanin kamar na fom: likita Kovalenko, mai shekara ashirin a aiki. Jam'in girmamawa ma yana rufe jinsi, amma yana iya sa a zaci likitoci da yawa ne. Dabarun nan ba sa ɗaukar dogon zance, jimla biyu ko uku suka gaji. Wanda ya fassara daga Turanci maimakon daga asali ya fi shiga uku, gama a can la ɗin nan ta riga ta ɓace.

7. Inda Hausa take ɓoyewa

Ba kullum ne Hausa take neman abin da Rashanci ya ɓoye ba. A mutum na farko abin juyawa yake. Namiji yana cewa ya prishol, mace ta ce ya prishla, Hausa kuwa na zo kawai gare ta. Labarin da mai ba da shi yake magana da bakinsa yana sanar da Barashe jinsinsa tun daga aikatau na farko. Mai fassara yana bukatar ya nemi wuri da wuri ya dasa shaidar, ko da ni ce, ko da ina yarinya, don kada mai karatu ya yi shafi goma yana zaton namiji ne. A mutum na biyu kuwa nauyin ya sake komowa kan Hausa. Ti znayesh' yana iya zama ka sani ko kin sani, haka kuma vi na girmamawa, wanda aikatau ɗinsa jam'i ne ko a shuɗaɗɗen lokaci.

8. Kammalawa

Abin da ya fito daga bayanin nan shi ne jinsin sunan Rashanci yana yin aiki iri uku, kuma kowanne da abin da ya dace a yi masa. In na kaya ne maras rai, a yi amfani da shi wajen gano abin da wakilin suna yake nufi, sa'an nan a bar shi. In na dabba ne ko na abin da aka mutunta cikin labari, a karanta har ƙarshe a ga ko marubucin ya ɗora masa ma'ana. In na sana'a ne, kada a gaskata sunan ko sifarsa, a nemi aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, da sunan dangi, da sunan uba. Malamin da yake horar da masu fassara zai iya gwada ɗalibansa da jimlolin Kovalenko, ya ba su biyun farko su fassara, sa'an nan ya ba su ta uku, su ƙidaya da kansu wurare nawa ne za su koma su gyara.